Silifas a Cikin Ambaliya: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Me ya sami yaron?

A wata damina, ruwan sama ya cika lambatun unguwa har ya shafe hanya. Wani yaro ɗan shekara 12 ya taso daga makarantar allo sanye da silifas ɗin roba mai araha, wanda igiyarsa ta taɓa ficewa aka tokare ta da ƙusa ta ƙasa. Da ya taka laka ya ɗaga ƙafa, sai igiyar ta tsinke, ruwa ya tafi da wari ɗaya. Bai yi nisa ba ya taka fasasshiyar kwalba.

Me ya sa silifas ke tsinkewa a ruwa?

Juya naka ka duba. Igiyar ta ratsa ta huda uku ne, ɗan kan roba kawai ke riƙe ta. A busasshiyar ƙasa wannan ya isa. Amma laka tana tsotse tafin takalmin ta riƙe, ƙafa kuma tana ja sama, sai duk ƙarfin ya taru a hudar da ke tsakanin yatsu. In ta buɗe, shi ke nan. Tafin kuma roba ce mai kumfar iska a ciki, ba ta nitsewa, don haka ruwa ke gudu da ita. Ƙusar nan kuwa ƙara yaga hudar take yi, tana iya sukar ƙafa ma.

To, ba ɗan yanka ba ne kawai?

A'a. Ruwan ambaliya yana gauraye da na masai da kashin dabbobi. Ƙwayar tetanos, cutar da ke ɗaure muƙamuƙi ta sandarar da jiki, a ƙasa da kashi take zama, ta rauni take shiga, kuma alamunta kan bayyana cikin kwana 3 zuwa 21. Mahaifiyar yaron ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ba ta barbaɗa toka ko ƙasa ba, ta kai shi asibiti a ranar aka yi masa allurar rigakafi. Haka ya dace.

Wane takalmi ya fi?

Abin da yaron ya gane shi ne takalmin damina sai ya kama dunduniya. Nemi sandal ɗin roba mai maɗauri a baya, wanda aka narka aka zuba gaba ɗaya ba liƙi da gam ba, mai zane-zane masu zurfi a ƙasa don hana santsi. Tun a kasuwa ka lanƙwasa shi. In ka ga tsaga, ajiye. Dogon takalmin ruwa ya fi kare ƙafa, amma in ruwa ya haura bakinsa cika yake yi ya yi nauyi. Ruwa mai gudu da ƙarfi kuwa, ko santimita 15 ne zurfinsa, yana iya kayar da babba, komai takalminsa.

Kuɗin fa?

Sandal ya fi silifas tsada, gaskiya ne. Amma ka lissafa silifas nawa ake saya wa yaro a damina guda, ka ɗora kuɗin motar zuwa asibiti da na magani. In hali bai kai ba, kai silifas ɗin wurin mai gyaran takalmi ya ɗinka masa maɗauri a dunduniya, ya cire ƙusar.