Esin da ke ɗuma ɗaki a lokacin hunturu: yadda yake juya aikinsa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai maki 40, kowa ya san abin da yake nema a wurin esi. Amma a Disamba da Janairu, idan sanyin asuba ya sauko ƙasa da maki 15, wasu gidaje na kunna wannan na'urar don ta ɗuma musu ɗaki. Duba rimot ɗinka. Idan akwai alamar rana ko kalmar HEAT, mai yiwuwa naka ma yana yi. Na ce mai yiwuwa ne saboda yawancin esin da ake sayarwa a Najeriya na sanyi ne kawai, kuma rimot guda kan yi wa samfuri da yawa aiki.

Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi yake yi. Gas ɗin da ke cikin bututunsa yana tafasa a tukunyar ɗaki, ya shanye zafin iskar wurin. Kwamfireso ya matse shi, ya tura shi tukunyar waje ya sauke zafin. Shi ya sa mai tsayuwa a bayan esi yake jin hucin iska.

To idan aka juya hanyar gas ɗin fa? Sai tukunyar waje ta koma mai shan zafi, ta ɗaki kuma mai saukewa. Iskar asuba mai maki 13 sanyi ce a jikin mutum, amma ga gas ɗin da ya fi ta sanyi akwai zafin ɗauka a cikinta. Ribar ke nan: kilowat ɗaya na lantarki kan shigo da kusan kilowat uku na ɗumi, alhali hita ba ta ba da fiye da abin da ta sha.

Kwamfireson ba ya juyawa baya. Mai juya hanyar wani bawul ne mai baki huɗu a cikin tukunyar waje. Baki ɗaya a gefe guda yana karɓar gas mai zafi daga kwamfireso. A ɗaya gefen akwai uku a jere: na tsakiya kullum shi ke mayar da gas cikin kwamfireso, na hagu da na dama kuma suna zuwa tukwanen biyu. Da ka danna HEAT, wani ɗan maganaɗisun lantarki zai buɗe siririyar hanya, sai matsin gas ɗin da kansa ya ture wani murfi da ke cikin bawul ɗin zuwa ɗaya ɓarin. Ƙarar fitar iska da ake ji a lokacin ke nan. Kuma tunda matsi ne ke turawa, esin da gas ɗinsa ya zube zai iya kasa juyawa, a ɗora wa bawul laifi a banza.

Matsalar wannan juyi ita ce ƙanƙara. Dole bututun waje ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan maki. Idan iskar ta sauko kusan maki 5 kuma akwai laima, bututun zai faɗa ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kansa ta toshe hanyar iska. Sai na'urar ta narkar da ita da kanta: bawul ya koma yanayin sanyaya, gas mai zafi ya nufi waje, fankar waje ta tsaya don kar ta busa zafin, ta ɗaki ma ta tsaya don kar ta feso wa mutane sanyi. Cikin minti biyar zuwa goma ruwa zai zuba, wani lokaci har da tururi, sannan ɗumi ya dawo. Wasu na'urori kan nuna dF a fuskarsu, na kamfanin Gree kuma H1. Ba lalacewa ba ce, kar a cire wuta.

A Turai wannan abin kullum ne a lokacin sanyi. A Katsina kuwa iskar hunturu busasshiya ce, kuma da wuya ta kai maki 5, don haka lafiyayyen esi bai kamata ya riƙa yawan narkar da ƙanƙara ba. Idan naka yana tsayawa kowane rabin awa, ko ka ga farar ƙanƙara a bututun waje da asuba, fara da ƙura. Ƙurar hunturu na liƙewa a tsakanin siraran faifan tukunyar, iska ta kasa ratsawa, bututun ya yi ta ƙara sanyi. A kashe wuta, a wanke da ruwa marar ƙarfi. Idan ya ci gaba, a duba ko fankar na gudu sosai.

Inda ƙanƙarar ta zauna ma yana ba da labari. Idan ta rufe tukunyar duka daidai-wa-daida, iska ce ba ta wucewa. Idan kuma ɓangare ɗaya ta kama, kusa da mashigar gas, ta bar sauran a bushe, galibi gas ne ya ragu. A nan mai gyara ya nemo inda yake yoyo ya toshe kafin ya ƙara, kuma ya zuba irin wanda aka rubuta a jikin na'urar, R32 ne ko R410A, ba wanda ya tarar a jakarsa ba.