Baƙin Kumatu: Ciki Ne, Rana Ce, Ko Mai?

Wata ƙanwata da ke aure a ƙauyen Malumfashi ta zo mini bayan kaka da baƙi-baƙi a kumatunta biyu, dama da hagu daidai wa daida, da wani siriri a saman leɓe kamar gashin baki. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓarewa. "Yaya, tun cikin yaron nan ya fito," in ji ta, "an ce in na haihu zai tafi. Ga shi har na yaye." Likitocin fata suna kiran wannan melasma: ƙwayoyin da ke samar wa fata launi ne suke aiki fiye da kima a wasu wurare na fuska, galibi kumatu, goshi, karan hanci da saman leɓe. Kusan tara cikin goma na masu shi mata ne.

Abin da aka fara gaya mata shi ne kyasbi ne, ko rashin wanka. Jita-jita ce. Kyasbi yana da ɗan gari-gari in an kankare shi, ya fi son ƙirji da baya, kuma ba ya auna dama da hagu. Melasma ba datti ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a tawul. Dirza shi da soso ko lemon tsami ƙara masa baƙi yake yi, domin baƙar fata duk inda ta ji ciwo, da ƙarin launi take ramawa.

Maganar ciki kuwa rabin gaskiya ce. Sinadaran jikin mace da ke ƙaruwa lokacin ciki suna tayar da shi, haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa ga wasu matan, kuma yana bin dangi. Wata nata yakan dushe cikin watanni bayan haihuwa, wata kuma ya zauna shekaru. Ciki ya kunna wutar, amma rana ce ke iza mata itace. Sai na tambayi ƙanwata yadda take wuni. Shanyar masara a tsakar gida da hantsi, sussuka, tsintar auduga in an shiga lokacinta, da la'asar kuma suyar awara a bakin murhu. Hijabi ya rufe ko'ina, ya bar wa rana daidai wurin da tabon yake. Zafin murhun ma ana lissafa shi cikin masu tayar da tabon, ko da yake bai kai rana ba.

A kan maganar man kare rana ne na fi shan musu. "Mu baƙaƙe me ya haɗa mu da man kare rana? Ai na Turawa ne." Gaskiya ne launinmu yana kare mu daga ƙunar rana fiye da farar fata. Amma melasma ba ƙuna ba ne, kuma ya fi kama masu duhun fata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba hasken nan da ido ba ya gani, wanda ake rubuta wa UV, ne kaɗai ke da laifi ba. Shi kansa hasken rana da muke gani yana sa fata mai duhu ta ƙara baƙi, baƙin kuma ya daɗe. Shi ya sa farin man kare rana na gama-gari bai isa ba. Wanda ya dace shi ne mai launin ƙasa-ƙasa kamar hodar kwalliya, saboda sinadarin ayon okzayid da ke cikinsa yana tare hasken da ake gani, a kuma duba a ga SPF 50 a jiki, ko aƙalla 30. A Maroko, a wani bincike da aka buga a 2007, an sa mata masu ciki kusan 200 suna shafa man kare rana kullum. Ƙasa da uku cikin ɗari ne suka yi sabon tabo, alhali a binciken da ya gabata a can, ba tare da man ba, sun haura rabi.

Yadda ake shafawa ma yana da nasa sharaɗin. Fuska tana buƙatar abin da zai cika tsawon yatsu biyu, ba ɗan ɗigo ba, kuma mai aiki a rana tana sakewa bayan kamar awa biyu. Gumi yana wanke shi, alwala ma haka. Na ce wa ƙanwata ta ɗaura shi a kan abin da ba ta mantawa: ta shafa da safe kafin ta fita tsakar gida, ta sake da hantsi in tana shanya, ta kuma sake bayan alwalar azahar. Ranar hadari ko hazon hunturu ba ranar hutu ba ce, haske yana ratsowa. Na san man nan ba araha gare shi ba, kuma ba kowane kemis ake samun na kirki ba. Wadda ba ta da hali ta ɗora malfa mai faɗin baki a kan hijabi, irin ta manoma, ta ja tabarmar aikinta zuwa inuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ƙanwata ta yi dariyar malfar, ta ce kishiyarta za ta samu abin faɗa, amma ta karɓa.

Sai batun mayukan da ake haɗawa a kasuwa, waɗanda ake cewa sati ɗaya su goge tabo. Wannan ce jita-jitar da ta fi ɓarna, domin da farko tana kama da gaskiya. Yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ko haidirokwinon ba bisa awo ba. Fuska ta yi haske a makonnin farko, daga nan fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, in an daina kuma baƙin ya dawo ya fi na da. Wadda ta yi shekara da shekaru tana shafa haidirokwinon tana iya yin wani baƙin daban, mai shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa toka, wanda ya fi melasma wuyar magani nesa ba kusa ba.

Abin mamaki, shi wannan haidirokwinon ɗin shi ne babban maganin da likita ke rubutawa, amma da awo da wa'adi: kashi huɗu cikin ɗari, sau da yawa haɗe da tiretinoyin da sitiroyid mara ƙarfi, a shafa da dare a kan tabon kaɗai, na mako takwas zuwa goma sha biyu, sannan a rage ko a tsaya. Mai ciki ba ta amfani da wannan haɗin. Akan ba ta azelayik asid. Akwai kuma ƙwayar tiranekzamik asid, wadda ba a ba wadda ta taɓa samun daskarewar jini. Mutanen Funtuwa da Malumfashi suna iya neman likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

To yana warkewa kwata-kwata? Ga yawancin mata, a'a. Yana dushewa har sai an matso kusa a gan shi, amma ƙwayoyin launin nan suna nan a shirye, 'yan kwanaki a rana ba kariya sun isa su mayar da aikin wata uku baya. Wanda launinsa ya nutse cikin fata kuwa ya fi taurin kai.

Ƙanwata ta ga likita, ta yi wata uku a kan magani. Na saman leɓen ya kusa ɓacewa, na kumatu ya ragu da kamar rabi. Da bazara ta kama man ya ƙare, ba ta sayi wani ba sai bayan sati uku. Ta kira ni a waya: "Yaya, na hagun ya fara dawowa."