Ƙafa Uku Ba Kullum Ne Taransisto Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe fitilar sola ko cajar waya ya ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a liƙe a jikin fanel, girmansu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ƙafa biyu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen. Sabon shiga a harkar gyara da ya gan su sai ya ce taransisto ne, ya ciro wani mai kama da shi daga matacciyar rediyo ya ɗora. Sau da yawa a nan ake ƙarasa kashe na'urar.

Dalili kuwa, wannan siffa riga ce kawai. Masu ƙera kayan suna kiranta SOT-23, kuma abubuwa daban-daban suke sawa a cikinta: taransisto, dayod biyu a haɗe, har ma da ƙaramin ayisi mai daidaita wuta. Siffa da yawan ƙafafu suna rage maka yawan abin da za ka yi zato, amma ba sa faɗa maka sunan abin.

Saboda haka kafin ka duba jikinsa, duba fanel ɗin. Galibi akwai farin rubutu kusa da kowane abu. Harafin Q na nufin taransisto, D dayod, U ko IC kuwa ayisi, R rizisto, C kafasita. Lambar da ke biye da harafin, kamar a Q2 ko D4, lissafin jere ce kurum, ba ta da alaƙa da irin kayan. Fanel masu araha wani lokaci ba su da wannan rubutu sam, to sai a yi haƙuri a wuce.

Sai rubutun jikinsa. Goge shi da ɗan sifirit, ka haska tocila ta gefe, domin hasken da ya faɗo kai tsaye ɓoye rubutun yake yi. Kyamarar waya ma tana ƙara girmansa. Tunda wurin ba ya ɗaukar cikakken suna, kamfani yakan buga gajeriyar alama ta haruffa biyu ko uku. J3Y yawanci S8050 ne, 2TY kuwa S8550, 1AM kuma MMBT3904. Na ce yawanci da gangan, domin babu hukumar da ke raba waɗannan alamomi, kuma kamfanoni biyu kan iya buga alama ɗaya a kan kaya mabambanta. Shi ya sa idan za ka nema a intanet, ka haɗa alamar da sunan rigar, misali `A7 SOT-23`, ba alamar kaɗai ba.

Mu ɗauki wannan A7 ɗin. A ce ka same shi kusa da D4. Neman zai nuna maka BAV99, wato dayod biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya a riga guda. Harafin D ya yarda da hakan, ƙafa uku ma sun yarda. Saura mita ta tabbatar. Cire wuta, ka ɗaga abin daga fanel, domin sauran kayan da ke kewaye da shi suna rikita awo. Ajiye shi ta yadda ƙafa biyun suna fuskantarka: ta hagu ita ce 1, ta dama 2, ta saman da ke ita kaɗai 3. Juya mita zuwa awon dayod. Jan waya a 1, baƙi a 3, za ka ga kusan 0.6. Ja a 3, baƙi a 2, haka nan. Ja a 1, baƙi a 2, lambar ta kusa ninkawa, saboda wutar ta ratsa dayod biyu.

Da S8050 ne, da awon ya sha bamban. Ja a ƙafa ta 1 zai ba ka 0.6 zuwa 0.7 ko baƙin yana kan 2 ko yana kan 3, amma tsakanin 2 da 3 mita ba za ta nuna komai ba. Idan kuwa sai da ka sa baƙin waya a 1 sannan aka samu karatu, to kishiyarsa ce, irin S8550. Ido ba ya raba su, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya.

Matsalar ita ce, abin da ake nema a gane shi ne galibi wanda ya ƙone. Rubutun ya babbake, mita tana nuna sifili ta ko'ina. A nan sai ka bi layukan tagulla ka ga inda kowace ƙafa ta nufa, sannan ka duba ko akwai ɗan'uwansa a fanel ɗin, tunda masu zane suna yawan maimaita kaya iri ɗaya. Wasu kamfanonin ma da gangan suke kankare rubutun ayisi don kada a kwaikwayi aikinsu. Irin wannan, in ba ka samu fanel ɗin wata na'ura irinta ba, ɓata lokaci ne.

A ganina, kada ka kunna ƙarfen dalma sai harafin fanel, siffa, alama da awon mita sun yi magana ɗaya. In ɗaya ya saɓa, koma ka sake karanta alamar, domin 1 da I, ko 0 da O, sun sha yaudarar ƙwararru.