Inda Ido Ke Fara Sauka: Tsara Shafin Ciniki Guda Ɗaya

Direba ba ya karanta dashbod ɗin motarsa, kallo ɗaya yake yi masa ya mayar da ido kan titi. Shi ya sa agogon gudu yake zaune a gabansa ɓaro-ɓaro, ƙananan fitilu kuma suna gefe, ba sa kamawa sai da dalili. Daga nan aka aro sunan dashbod aka sa wa shafin nan guda ɗaya da ke nuna wa mai kasuwanci halin da cinikinsa yake ciki. Stephen Few, wanda ya fitar da littafi a kan tsara irin wannan shafi a 2006, ya tsaya a kan sharuɗɗa biyu: komai ya shiga fuskar kwamfuta ɗaya, kuma a gane shi da kallo ɗaya. Sharaɗi na biyun ne yake kayar da mutane.

Mu ɗauki wani dila mai rarraba sabulu, man gyaɗa da taliya ga masu shaguna, yana da motoci huɗu, kowace da hanyarta. Akawunsa ya haɗa masa shafi a Excel. A sama ta hagu tambarin kamfani ne, ƙato. Ƙarƙashinsa akwatuna takwas masu girma ɗaya, kowanne da kalarsa: cinikin yau, na mako, na wata, yawan katan, yawan kwastomomi, da sauransu. Babu ƙarya a lissafin ko ɗaya. Amma Alhaji yakan duba shafin, ya ɗaga kai ya ce, “To, yanzu muna gaba ne ko muna baya?” Duk shafin da aka gama kallonsa aka yi wannan tambaya, bai yi aikinsa ba.

Tambayar Alhaji ita ce ta nuna adadin da ya cancanci kujerar gaba. Burin wata naira miliyan 30 ne, ranakun aiki 26. Yau rana ta 13, an sayar da kayan miliyan 12.6. Idan aka rubuta 12.6 ita kaɗai, babu wanda zai ce ta yi kyau ko ba ta yi ba. Idan aka ce kashi 42 cikin ɗari na burin wata, an matsa kusa, sai dai an bar wa mai karatu aikin tuna kwanan wata da yin rabawa a ka. Abin da yake so ya sani shi ne, a rana ta 13 ya kamata a ce an kai rabi, wato miliyan 15, don haka an yi kashi 84 cikin ɗari na abin da ya kamata, da giɓin miliyan 2.4. Idan buri yana gidan B2, cinikin da aka yi yana B3, ranakun da suka wuce suna B4, jimlar ranakun aiki kuma tana B5, lissafin ke nan:

```
=B3/(B2*B4/B5)
```

Wannan lissafi ya ɗauka cewa kowace rana daidai take da 'yar'uwarta. A kasuwancin da ke tashi a ƙarshen wata idan albashi ya shigo, ko a jajibirin salla, zai riƙa nuna ana baya alhali lafiya lau ake. Mai irin wannan ciniki gara ya gwada yau da rana ta 13 ta watannin baya.

Akwai kuma wani tarko tun kafin a zo kan tsari. Dilan da rabin kayansa bashi yake fita zai iya ganin ciniki yana hawa, aljihu kuwa babu komai. A wurinsa kuɗin da suka shigo hannu ne ya kamata su hau sama. Akawu ba zai yanke wannan shi kaɗai ba, sai ya zauna da mai dukiya ya tambaye shi: wane adadi ne idan ya lalace za ka ɗauki waya nan take?

An samu adadin, saura wurin zamansa. Mai karatun boko daga sama ta hagu yake farawa. Binciken bin motsin ido da Jakob Nielsen ya wallafa a 2006 ya nuna mutane sukan share layin sama, su sauko kaɗan su sake sharewa, sannan su gangara ta gefen hagu, kamar siffar harafin F. Saboda haka kusurwar sama ta hagu ita ce bakin kasuwa, shagon da ya fi kowanne tsadar haya, kuma ba a ajiye buhunan banza a irin wannan shago. Tambarin kamfani ya ƙanƙance ya koma dama. Alhaji dai bai manta sunan kamfaninsa ba. Shafin da aka rubuta da Larabci kuwa, lamarin juyawa yake, kusurwar dama ce gaba.

A wannan kusurwa sai a rubuta 84% da manyan lambobi, ninki uku ko huɗu na sauran rubutun. Ƙarƙashinta layi ɗaya ƙarami: an sayar da miliyan 12.6, ya kamata a kai miliyan 15. Kada a rubuta 12,603,450, domin ragowar lambobin ba su canza shawarar kowa ba, ido kawai suke tsayarwa. A bar fili fari kewaye da ita. Layi na biyu na shafin ya amsa tambayar da ke biyo baya, wato daga ina giɓin ya fito: sanduna huɗu a kwance, ɗaya ga kowace mota, an jera su daga wadda ta fi baya zuwa wadda ta fi gaba. Teburin kaya dalla-dalla ya sauka can ƙasa, don mai son tono.

Kala ita ce inda hannu ya fi zarcewa. Idan kowa a taro yana ihu, ba a jin kowa, haka ma akwatuna takwas masu kala takwas. A mayar da komai toka-toka da baƙi, a ware kala ɗaya ga abin da ke neman a kula da shi. A Excel, Conditional Formatting zai sa adadin ya koma ja idan ya faɗi ƙasa da iyakar da aka sa, misali kashi 90. Sai dai kada a jingina da kala kaɗai. Akwai mutane, galibinsu maza, da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma firintar ofis sau da yawa baƙi da fari take fitarwa. Kalmar “baya” ko 'yar kibiya mai kallon ƙasa a gefen adadin ta magance duka biyun.

Na fi yarda da gwaji fiye da ra'ayin wanda ya tsara shafin, domin shi ya riga ya san inda komai yake. A kira wanda bai taɓa ganinsa ba, ko direban ɗaya daga cikin motocin ne, a nuna masa na daƙiƙa biyar, a rufe, a tambaye shi abin da ya gani. Idan ya ce “kashi 84, kuma kamar muna baya,” an dace. Idan ya ambaci tambari ko wani zane mai kama da faifai, to can idon kowa yake zuwa. A maimaita gwajin a waya, tunda a can Alhaji zai buɗe hoton shafin bayan sallar asuba, kuma abin da ya fito sarai a kwamfuta yakan zama tururuwa a tafin hannu. A ƙasan babban adadin a sa ranar da aka sabunta lissafin, kada 84 ta ranar Litinin ta tayar wa mutum hankali ranar Alhamis.