Rubuta Rahoton Taron Daraktoci: Yadda Ake Raba Hukunci da Tattaunawa

Rahoton taro shi ne takardar da ke nuna abin da kwamitin daraktoci ya yanke, da ranar da ya yanke shi, da waɗanda suka halarta. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ajiye irin wannan rahoto, kuma idan shugaban taro ya sa masa hannu, yana zama hujja a kan abin da ya gudana. Sakatare yakan rubuta shi daga abubuwa biyu: shafukan da aka haska a majigi lokacin gabatarwa, da ɗan rubutun da ya yi da hannunsa ana cikin taro.

Waɗannan abubuwa biyu ba darajarsu ɗaya ba. Shafukan majigi tun kafin a zauna aka shirya su, don haka buƙatar mai gabatarwa kawai suke ɗauke da ita. Abin da daraktoci suka ce da abin da suka tsayar, a rubutun sakatare ake samunsa. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kwafo shafin da aka rubuta "Shawara" a kansa, a zuba shi cikin rahoto tamkar shi ne hukuncin kwamiti.

A ɗauki misalin wani kamfanin casar shinkafa. Manaja ya haska shafi na 7, inda ya nemi a sayi janareto biyu a kan naira miliyan 30. Rubutun sakatare ya nuna cewa wata darakta ta yi tambaya kan kuɗin man dizal, wani kuma ya ce a duba wutar sola. Daga ƙarshe shugaba ya tambayi ra'ayin kowa, aka yarda a sayi guda ɗaya, kada kuɗinsa ya wuce miliyan 16, bayan an karɓo farashi daga 'yan kasuwa uku. Batun na biyun aka bar shi sai zama na gaba.

Sakatare zai kasa wannan batu gida uku. Kashi na farko gabatarwa ce, kuma jimla ɗaya ta isa: manaja ya nemi amincewa a sayi janareto biyu a kan miliyan 30, an haɗa shafukansa a bayan rahoto. Kashi na biyu tattaunawa ce, a taƙaice: an nuna damuwa kan tsadar dizal, an kuma kawo batun sola. Ba a bin kowa kalma bayan kalma, ba a kuma cika kama suna ba, sai wanda ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba, ko wanda ya bayyana cewa yana da wata moriya a cinikin ya janye daga zaɓe. Kashi na uku shi ne hukunci, a layinsa daban da lambarsa: "An amince a sayi janareto ɗaya, kada ya wuce naira miliyan 16, bayan samun farashi uku. Daraktan kuɗi zai kawo farashin kafin zama na gaba. An ɗage batun janareto na biyu."

Zaɓen kalmomi ne ke tsare wannan iyaka. "An amince", "an ƙi" da "an ɗage" na hukunci ne kaɗai. "Ya gabatar", "ta tambaya" da "an ba da shawara" na tattaunawa ne. Batun sola a misalin nan shawara ce da ba a yanke komai a kanta ba. Idan aka rubuta "an ga ya dace a duba sola", wani zai ɗauka umarni ne, wani kuma ya ce hira ce kawai.

Ana gane rahoto mai matsala ta hanyoyi kaɗan. Idan kuɗin da ke cikin hukunci ya zo daidai da na shafin majigi alhali an yi jayayya a kansa, a sake dubawa. Idan an ba da aiki babu sunan mai yi, babu wa'adi, aikin zai kwanta. Idan kuma rubutun sakatare bai nuna an tsayar da magana ba, bai kamata ya cike gurbin da zato ba; sai ya tuntuɓi shugaban taro tun abin bai huce ba.

Bayan kammala daftari, shugaba yana dubawa, a aika wa daraktoci, su gyara ko su tabbatar da shi a zama na gaba, sannan a sa hannu a ajiye. Gyaran nan na daidaita rubutu ne da abin da ya faru. Wanda ya canza ra'ayi bayan taro, sai ya kawo batun a sabon zama a yanke sabon hukunci.