Ƙwaya Ashirin: Jawabin Minti Biyar a Ranar Riga-kafi

A asibitin sha-ka-tafi, ranar riga-kafin yara ce ranar da benci ke cika. Kafin a buɗe akwatin sanyi a fara allura, akan ba ma'aikacin lafiya ɗan lokaci ya yi wa iyaye mata bayani. Lokacin ba shi da yawa. Wannan tana jijjiga goyo, waccan hankalinta na kan tukunyar da ta baro a murhu, ga kuka ta ko'ina. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban irin wannan taro ya san idan ya wuce minti biyar, da bango yake magana.

Na sha tsayawa a wannan wuri, kuma batun da ya fi ba ni wahalar tsarawa shi ne na antibayotik. Wahalar ta fara tun daga suna. Idan ka ce "maganin kashe ƙwayoyin cuta", kowa zai gyaɗa kai, amma a ransa har da farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro. Abin da mutane suka sani shi ne kala da sunan kanti: kafso mai ja da yalo, mai ja da baƙi, amfikulos, saftirin, filajil, amoksil. Saboda haka nakan zo da fakitocinsu a aljihu in ɗaga sama tun kafin in buɗe baki.

Da farko nakan yi magana biyu daban, ɗaya kan dakatar da magani, ɗaya kan ba wa wani. Sai daga baya na lura ashe abu ɗaya ne. Ragowar da ke cikin kwanon sama ko ƙarƙashin katifa daga hannun wanda bai ƙarasa shan nasa ba ta fito, kuma ita ce ake miƙa wa maƙwabci. Tun daga nan na ɗora jawabin duka a kan lissafin ƙwaya ashirin. Lissafin ba nawa ba ne. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaron da ke tsakanin shekara 1 zuwa 3 mai ciwon huhu, wanda muke cewa limoniya, akan ba shi amoksisilin mai narkewa a ruwa, mai nauyin miligiram 250, biyu da safe biyu da yamma, galibi na kwana biyar. Ga jawabin kamar yadda nake yin sa.

*

"Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, ya masu goyo? Minti biyar kawai nake roƙo, sai mu fara allura.

"Kun ga wannan fakiti? A ce ɗanki mai shekara biyu ya kwana yana tari, jiki zafi, numfashi sama-sama. Kika kawo shi, muka ƙirga numfashinsa, muka ce limoniya ce. Muka ba ki ƙwaya ashirin: biyu bayan asuba, biyu bayan magariba, kwana biyar. Ran farko ya sha huɗu, ran na biyu ya sha huɗu. Ran na uku kika tashi kika gan shi yana bin kaji a tsakar gida. Alhamdu lillahi. Nawa suka rage? Ku ƙirga mini. Goma sha biyu. Sai kika ƙulle su a leda, don wata rana.

"To, Maman yaro, zafin jiki ne ya sauka, amma cutar ba lalle ta ƙare ba. Abin da ke huhunsa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu yawan gaske. Kwana biyu sun rage su har jiki ya samu sarari, sauran suna nan. Kin kashe maciji ba ki sare kansa ba. Nan da 'yan kwanaki ciwon na iya dawowa, a sake sabon sayen magani, wani lokaci har da kwanciya da allura.

"Yanzu ga sha biyun nan a leda. Bayan wata guda ɗan maƙwabciyarki ya tashi da majina da atishawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kika ɗauko kika ba ta, da zuciya ɗaya. Allah Ya ba ki ladan niyya, amma ki ji abin da ya faru. Mura ba irin cutar da wannan magani ke kashewa ba ce, ko ɗari ya sha, sai ta yi kwanakinta. Sannan ɗanta wata takwas gare shi, awon ɗanki ya ninka nasa. Kuma ba ki san ko jininsa bai karɓi maganin ba. Akwai wanda zai sha jiki ya feso da ƙuraje, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Saftirin kan sa wasu fata da leɓe su saɓule kamar an ƙona su. Mai ja da yalo kuwa ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana ɓata haƙori.

"Abu na ƙarshe. Kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta zaune a hanjinsa. Duk lokacin da aka sha irin wannan magani, masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su ne ke bin hannu da ruwa da abinci su shiga jikin wasu. Ranar da ciwo na gaske ya zo, a ba da magani ya ƙi ci. Ba ɗan maƙwabciya kaɗai abin zai shafa ba, har ɗanki, tunda kwano ɗaya suke ci.

"Saboda haka abin da nake roƙo ke nan. Wanda aka rubuta wa magani shi zai sha, na kwanakin da aka faɗa, ko da ya warware. Kafin ki bar gaban mai ba da magani ki tambaye shi: sau nawa a rana, kwana nawa? Idan kika ga ƙuraje, ko kumburin fuska, ko numfashi na sarƙewa bayan shan magani, ki tsayar, ki kawo shi nan take, ki zo da fakitin. Idan ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana aman duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, kada ki jira gari ya waye. Idan kwana uku suka yi babu sauƙi, ki dawo. In maƙwabciya ta nemi ragowa, ki ce mata babu, ki rako ta wurinmu. Na gode. Allah Ya raya mana su."

*

Akwai magana ɗaya da na cire daga jawabin da gangan, ko da yake ita ce ta fi saurin zuwa baki: "jiki ya saba da magani." Kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Jikin mutum ba shi ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce ke gagarar magani. Wadda ta ɗauka jikinta ne ya saba sai ta ga ai matsalarta ce ita kaɗai, ta ƙara yawan abin da take sha, ko ta canza kala. Wadda ta gane cewa ƙwayar cuta ce ta yi tauri ta san abin yana yawo, yana iya kama jaririn da bai taɓa shan magani ba a rayuwarsa.

Wani wurin da nake taka-tsantsan shi ne maganar kwanaki. Ban ce duk antibayotik sai an sha kwana biyar ko bakwai ba. Binciken likitoci na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa cututtuka da dama gajeren zango ya ishe su, kuma shan magani fiye da buƙata shi ma yana ƙara wa ƙwayoyin cuta tauri. Ita kanta limoniyar yara marar tsanani, a wasu wurare kwana uku ake rubutawa. Abin da nake so a riƙe shi ne cewa wanda ya duba marar lafiya shi ke yanke kwanakin. Saukar zazzaɓi ba ita ke yankewa ba.

Idan taron na manya maza ne, a ƙofar mai unguwa ko bayan sallar Juma'a, nakan sauya misali in ɗauko tarin fuka, domin nan ne illar dakatarwa ta fi fitowa fili. Maganinsa wata shida ne: wata biyu ana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu, kuma a Nijeriya kyauta ake bayarwa a cibiyoyin da aka keɓe. Bayan 'yan makonni tari ya lafa, mutum ya fara cin tuwo, jiki ya murmure, sai ya koma kasuwa ya daina zuwa karɓa. Shan yau a bar gobe yana cikin manyan hanyoyin da ake samun tarin fuka mai gagarar magani, wanda jinyarsa ta fi wuya, magungunansa sun fi wahalar da jiki, kuma irinsa mai shi zai shafa wa iyalinsa.

Alƙaluma ban sa su a jawabi, don ba sa zama a kunnen mai goyo. Mai karatu dai ya sani: wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka gagari magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi ƙamari. Gargaɗin ma ba sabo ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi shi tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, inda ya nuna haɗarin shan abin da bai kai awo ba.

Tambayar da ba ta taɓa fashi bayan jawabi ita ce ta kuɗi. Wata rana wata dattijuwa da ta rako jikarta ta ce mini, "Ɗan nan, ka ce a sha ashirin. Wanda kuɗinsa na shida ne fa?" Gaskiya ta faɗa, domin a kemis ana yanka kati a sayar da biyu ko huɗu daidai aljihun mai saye. Na ce, "Iya, a fara zuwa a duba yaron tukuna. Sau da yawa mura ce ko gudawar da ruwan gishiri da sukari da zink suka isa, babu buƙatar ko guda ɗaya. In kuma ana buƙata, a gaya wa mai rubutawa ƙarfin aljihu, ya zaɓi mai sauƙin kuɗi da za a iya saye cikakke." Ta ɗan yi shiru, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar amoksisilin ta ruwa, saura kusan rabi, ta ce tun kafin azumi aka haɗa wa yayan yarinyar. Na nuna mata rubutun jikin kwalbar: da zarar an zuba wa garin ruwa, mako ɗaya ne ko biyu, shi ma a wuri mai sanyi. Ta bar mini ita a kan tebur, ta koma layin allura.