Takardar Rabuwa da Yardar Juna: Abin da Ya Kamata Ta Ƙunsa Kafin a Sa Hannu

Ba kullum ake barin aiki ta hanyar kora ko murabus ba. Wani lokaci mai kamfani da ma'aikacinsa sukan zauna su ga cewa zaman ya ishe su, su amince a rabu lafiya. Takardar da ake rubutawa a nan yarjejeniya ce: kamfani zai biya wani abu, shi kuma ma'aikaci ya yi alkawarin ba zai dawo da ƙara ba. Inda ake samun matsala shi ne a rubuta layi biyu, "mun rabu da yardar juna, za a biya shi haƙƙoƙinsa", a sa hannu a watse. Nawa ne haƙƙoƙin? Yaushe za a biya? Takardar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi da lamba da kwanan wata ba, ba ta kare kowa ba.

Mu ɗauki misali. A ce wani mai kula da sito ne a wata masana'anta a Kano, ya shekara 6 yana aiki, albashinsa naira 132,000 a wata. Kasuwa ta ja baya, aka kira shi ofis aka ce a rabu a ƙarshen wata. Abu na farko da takardar za ta faɗa, bayan cikakken sunan kamfani da nasa da ranar da ya fara aiki, shi ne ranar da aikin ya ƙare. Daga wannan rana ake lissafin komai, don haka kada a rubuta "nan take" ko "ba da jimawa ba".

Sai lissafin kuɗi, wanda shi ne zuciyar takardar, kuma dole kowane abu ya fito a layinsa. Albashin watan ƙarshe 132,000 ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974, a sashe na 11, ta ce wanda ya kai shekara 5 yana aiki a ba shi notis na wata guda, wanda ke tsakanin shekara 2 da 5 kuma mako biyu. Tunda ba a ba mutuminmu notis ba, za a biya shi kuɗin wata guda a madadinsa, wato wani 132,000. Idan takardar ɗaukarsa aiki ta tanadi notis da ya fi wannan tsawo, ita za a bi. Manyan ma'aikata irin su manajoji ma da ita kaɗai suke dogara, domin wannan doka leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ta shafa. Yana bin kwana 10 na hutun shekara da bai ci ba, idan aka raba albashinsa bisa kwana 22 na aiki, kowace rana 6,000 ce, wato 60,000. Sannan suka daidaita a kan kuɗin sallama na wata 3, wato 396,000. Jimla ta kama 720,000. Kamfani na bin sa ragowar rance 80,000, aka cire, saura 640,000.

A lura da bambanci tsakanin ukun farko da na huɗu. Albashi da kuɗin notis da na hutu haƙƙinsa ne ko bai sa hannu a komai ba. Kuɗin sallamar ne kaɗai sabon abin da ya samu, kuma shi ne farashin alkawarin da zai yi na yafe ƙara. Doka ba ta yanke wa kamfanoni masu zaman kansu adadinsa ba, sai dai abin da takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta tanada, ko abin da aka yi ciniki a kai. Idan aka dunƙule komai aka rubuta lamba ɗaya, ma'aikaci ba zai gane cewa haƙƙinsa ne kawai aka miƙa masa da sunan kyauta ba. A kuma bayyana ko an riga an cire haraji a lambar ko tukuna, domin wanda ya sa rai da 640,000 ya ga ƙasa da haka a asusunsa, nan rigima za ta tashi.

Fansho ne abin da aka fi mantawa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. Kamfanin da ke cikin matsi yakan cire kason ma'aikaci a takardar albashi amma bai tura ba. A misalinmu, a ce an yi wata 4 ba a tura ba, kuma a kan dukan albashin ake lissafi: 23,760 ne kowane wata, jimla 95,040. Kafin ya sa hannu, ma'aikaci ya karɓo bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da fanshonsa ya duba da idonsa. Takardar ta faɗi watannin da adadin, ta ce za a zuba a asusun fanshon kafin rana kaza, ba a hannunsa ba. Ita wannan takarda za ta yi masa amfani gaba, domin dokar ta ba wanda ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba damar neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa, kuma za a nemi shaidar cewa ya bar aiki.

Yanzu sai abin da kamfani ke nema, wato jimlar da ke cewa ma'aikaci ya karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya, ba shi da sauran da'awa. Wannan buƙata ce ta gaskiya, don ba wanda zai biya sallama kuma ya kwana da fargabar sammaci. Amma a ganina bai kamata ma'aikaci ya yarda da ita ba sai an ɗaure ta da biyan kuɗin: a rubuta cewa yafewar za ta fara aiki ne ranar da kuɗin suka shiga asusunsa gaba ɗaya. Idan kashi-kashi za a biya, a sa ranar kowane kashi da adadinsa. Kuma kada ya taɓa sa hannu a jimlar "na karɓa" alhali bai karɓa ba. Yafewar ta zama ta ɓangare biyu, musamman ga mai kula da sito: a ƙirga kaya, ya miƙa makullai da katin shaida da littafin ajiya, a rubuta cewa an karɓa lafiya kuma kamfani ba ya bin sa komai. In ba haka ba, bayan wata uku ana iya cewa buhu 20 sun ɓace a hannunsa.

Sharaɗin riƙe sirrin kamfani abu ne da aka saba, a dai faɗi irin sirrin, kamar jerin masu saye da farashi. Sharaɗin hana shi aiki da abokan hamayya kuwa, idan ba a iyakance wuri da lokaci ba, da wuya kotu ta goyi bayansa. Shi kuma ma'aikaci ya nemi a haɗa masa takardar shaidar aiki, a amince da kalmominta tun yanzu.

Duk wannan na iya rushewa idan babu yardar gaske. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki, takan ɗauki murabus ɗin da aka tilasta a matsayin kora. Mai kamfanin da ya rufe ƙofa ya ce "ka sa hannu yanzu ko ka fita ba ko kwabo" kansa ya yi wa illa. Ya fi masa alheri ya ba ma'aikaci kwanaki ya kai takardar ga lauya ko jami'in ƙungiyarsu, a kuma rubuta cewa an ba shi wannan dama. Idan ma'aikacin ba ya karanta Turanci, a karanta masa a fassara da Hausa, mai fassarar ya rubuta sunansa da adireshinsa, ya shaida cewa mutumin ya fahimta kafin ya dangwala. Wanda zai sa hannu a madadin kamfani ya zama mai ikon yin haka, a rubuta muƙaminsa, kowane ɓangare ya kawo shaidarsa, a sa hannu a kowane shafi na kwafi biyu, kowa ya tafi da nasa.